Yadda ake rubuta saƙon neman 'yan wasa zuwa ƙungiyar wasan intanet

Shugaban ƙungiyar wasa da ya rubuta "muna neman 'yan wasa masu ƙwazo, ku zo mu yi nasara tare" zai samu mutane, amma yawancinsu ba za su kai mako biyu ba, domin babu abin da wannan jimla ta faɗa wa mai karatu game da ranakun da za a buƙace shi, ko abin da zai sa a cire shi. Aikin saƙon neman 'yan wasa shi ne tacewa: wanda jadawalin bai dace da shi ba ya gane haka tun kafin ya nemi shiga, wanda kuma ya dace ya shigo yana sane da abin da ya ɗauka wa kansa. Saboda haka ma'aunin da zan bi a wannan jagora guda ɗaya ne, wato kowane layi na saƙon ya zama abin da za a iya dubawa a tabbatar an cika shi ko ba a cika ba.

Zan yi amfani da wasan Clash of Clans, wanda kamfanin Supercell na ƙasar Finland ya fitar a 2012, domin tsarin yaƙinsa yana da ƙayyadaddun sa'o'i da ke sauƙaƙa lissafi. Abin da allon wasan yake kira Clan shi nake kira ƙungiya a nan. Wanda yake wani wasa dabam zai sauya alƙaluman da na wasansa, amma matakan suna nan yadda suke.

Mataki na farko: lissafa giɓin da kake son cikewa

Kafin ka rubuta kalma ɗaya, buɗe jerin membobinka tare da sakamakon yaƙe-yaƙe huɗu ko biyar na baya-bayan nan, ka ƙirga mutanen da suka yi duk hare-harensu ba tare da an bi su da tuni ba. Wannan adadi shi ne ainihin ƙarfin ƙungiyar, kuma sau da yawa ya kan gaza adadin sunayen da ke cikin jerin da nisa.

Mu ɗauki misalin da za mu bi har ƙarshe. Ƙungiya ce mai mutum 24, tana yaƙin mutum 15 da 15 sau biyu a mako. Da shugaban ya duba, sai ya tarar mutum 12 ne kawai ba sa fashin hari. Yana buƙatar 15 a kowane yaƙi, sannan yana buƙatar kamar mutum biyar na ko-ta-kwana, domin a kowane mako ba a rasa mai jarrabawa, ko mai tafiya, ko wanda wayarsa ta lalace. Abin da yake nema ke nan mutum 20 da za a dogara da su, yana da 12, saura takwas. Wasan yana ba ƙungiya damar ɗaukar mutum 50, wato akwai gurbi 26 a buɗe, amma takwas ne adadin da ya kamata ya shiga saƙon. Faɗin adadi yana nuna wa mai karatu cewa za a yi zaɓi, kuma yana ba shugaban hujjar ƙin karɓar mutum ba tare da an ga kamar wulaƙanci ba ne.

Daga wannan duba kuma za ka fitar da matakin da kake nema. Idan giɓin yana tsakiyar jerin yaƙi, inda masu Town Hall 12 da 13 suke, wato matakin babban ginin sansanin ɗan wasa, to su za ka ambata. Neman mataki mafi girma don kawai ya yi kyau a ido kuskure ne, domin tsarin haɗa abokan karawa yana la'akari da ƙarfin sansanonin da aka sa a yaƙin, kuma ɗan wasa ɗaya mai ƙarfi sosai yana iya jawo wa ƙungiyar abokan gaba da sauran membobi ba za su iya da su ba.

Mataki na biyu: gina jadawalin daga agogon wasan

Nan ne mafi yawan saƙonni suke faɗuwa, don haka zan daɗe a kansa. Yaƙin ƙungiya a wannan wasa yana da kashi biyu: ranar shiri ta sa'o'i 23, sai ranar yaƙi ta sa'o'i 24, kuma kowane ɗan wasa yana da hari biyu. Jimilla sa'o'i 47 ke nan daga lokacin da aka samu abokan karawa. Ma'anar wannan ita ce lokacin da shugaba ya danna neman yaƙi shi ne yake yanke lokacin da kowa zai yi harinsa kwana ɗaya da kwana biyu masu zuwa.

A misalinmu, shugaban yana fara nema ranar Litinin da ƙarfe 19:00 agogon UTC. Idan aka samu abokan karawa da wuri, ranar yaƙi za ta buɗe wajen ƙarfe 18:00 na ranar Talata, ta rufe wajen ƙarfe 18:00 na ranar Laraba. Nema na biyu ranar Alhamis da ƙarfe 19:00 zai sa yaƙin ya buɗe ranar Juma'a da 18:00, ya rufe ranar Asabar da 18:00. Lura da cewa ranakun da ɗan wasa ya damu da su ba Litinin da Alhamis ba ne. Shugabanni da dama suna rubuta "muna yaƙi Litinin da Alhamis" domin su ne ranakun da su suke danna maɓallin, sai sabon memba ya keɓe yammacin Litinin, ya zo ya tarar babu abin yi, ranar Talata kuma yana wurin aiki. A saƙon ka rubuta lokacin buɗewa da na rufewa, ka kuma sa kalmar "wajen", tunda neman abokan karawa yana iya ɗaukar mintuna kaɗan ko fiye da haka, kuma duk jinkirin da aka samu yana tura sauran sa'o'in gaba.

Abu na gaba shi ne agogon da za a yi magana da shi. "Ƙarfe bakwai na yamma" ba ta da ma'ana ga ƙungiyar da membobinta suke ƙasashe daban-daban. Zaɓi UTC, domin ba ya sauyawa duk shekara. Idan ka ɗaura jadawalinka a kan agogon Birtaniya, alal misali, zai matsa da sa'a ɗaya ranar Lahadin ƙarshe ta watan Maris, ya koma ranar Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba, kuma membobin da ƙasashensu ba sa sauya agogo za su ga lokacin yaƙi ya gusa ba tare da an sanar da su ba. Idan a manhajar Discord ƙungiyar take taruwa, akwai hanyar da ta fi sauƙi, wato rubuta lokacin da lambar Unix ta yadda kowa zai gan shi a agogon wayarsa:

```
<t:1736190000:F>
<t:1736190000:R>
```

Layi na farko yana nuna cikakkiyar rana da sa'a, kuma wannan lamba ta yi daidai da Litinin 6 ga Janairu 2025, ƙarfe 19:00 UTC. Layi na biyu yana nuna tazarar da ke tsakanin yanzu da wannan lokaci. Iyakar wannan dabara ita ce lambar tana nuni ga rana ɗaya tak, don haka ta dace da sanarwar yaƙi na gaba, amma a saƙon da zai yi makonni yana yawo gara a rubuta sunan rana da sa'ar UTC a fili.

Yanzu sai wa'adin hari. Idan aka bar kowa ya yi harinsa lokacin da ya ga dama, mutane da yawa za su jira sa'a ta ƙarshe, shugabanni kuma ba za su san sansanonin da suka rage ba har sai lokaci ya ƙure. Shi ya sa ƙungiyoyi suke sa wa'adi ga hari na farko. Amma kafin ka rubuta wa'adin, gwada shi a kan agogon membobinka ɗaya bayan ɗaya. A ce ka sa sa'o'i shida na farko, daga 18:00 zuwa 24:00 UTC. Ga wanda yake UTC+1 wannan daga 19:00 ne zuwa 01:00, babu matsala. Ga wanda yake Indiya, inda agogo yake UTC+5:30, daga 23:30 ne zuwa 05:30 na asuba, wato ka umarce shi ya hana kansa barci sau biyu a mako, kuma ba zai yi ba. Idan ka faɗaɗa zuwa sa'o'i 16, wa'adin ya koma 10:00 UTC na washegari: na UTC+1 yana da har 11:00 na safe, na Indiya har 15:30, na UTC-5 kuma yana da daga 13:00 na rana har dare ya raba. Kowa ya samu sa'o'in da yake farke. Hari na biyu a sa shi ya kammala sa'o'i biyu kafin rufewa, wato 16:00 UTC, domin shugabanni su samu lokacin raba sauran sansanonin ga waɗanda harinsu ya rage bisa izini.

Dole saƙon ya ambaci sauran ayyukan da ba yaƙin sau biyu a mako ba. Gasar Clan War Leagues tana zuwa sau ɗaya a wata, ƙungiyoyi takwas a rukuni, ana fafatawa kwana bakwai a jere, kuma hari ɗaya ne kacal ga kowane ɗan wasa a rana. Wannan nauyi ne dabam da na yaƙin yau da kullum, domin ana buƙatar mutum kowace rana har mako guda, kuma harin da aka rasa babu na biyu da zai rufe shi. Haka nan Raid Weekend yana buɗewa ranar Juma'a da 07:00 UTC ya rufe ranar Litinin da 07:00 UTC. Ka faɗi wanne ne wajibi, wanne ne na ganin dama. A ra'ayina bai kamata ƙaramar ƙungiya ta wajabta komai da komai ba. Wajabta abu ɗaya ko biyu da za ka iya bibiya, ka bar sauran.

Mataki na uku: mayar da kowace doka abin aunawa

Dokar da za ta yi aiki tana da sassa uku: abin da ake so da adadinsa, inda za a duba a gani, da abin da zai biyo baya idan an saɓa. "Ka kasance mai ƙwazo" ba ta da ko ɗaya daga cikin ukun, shi ya sa ranar da aka cire mutum a kanta sai gardama ta tashi, shi yana cewa yana shiga kullum, shugaba yana cewa bai gani ba. Kwatanta ta da wannan: "Wanda aka sa a yaƙi zai yi hari biyu. Wanda ya rasa hari ba tare da sanarwa ba za a ajiye shi a yaƙi na gaba, idan ya maimaita cikin wata guda za a cire shi." Allon yaƙi yana nuna wanda ya yi hari da wanda bai yi ba, don haka babu wurin musu.

Yana da kyau ka ba da dalili a taƙaice, domin mutane sun fi riƙe dokar da suka fahimci lissafinta. A yaƙin 15 da 15 akwai hari 30 da taurari 45 da za a iya samu, uku a kowane sansani. Idan mutum biyu suka ɓace, hari huɗu sun tafi, kuma idan taurari suka zo daidai, yawan ɓarnar da kowane ɓangare ya yi cikin ɗari shi ke raba gardama. Jimla ɗaya a kan wannan ta isa.

Kowace dokar halarta tana buƙatar ƙofar uzuri, in ba haka ba mutanen kirki za su riƙa ɓoyewa maimakon su yi magana. Wasan yana da maɓalli a bayanan ɗan wasa da yake nuna ko yana son a sa shi a yaƙi ko ba ya so, kore ga mai so, ja ga wanda ba ya so. Ka rubuta cewa wanda ba zai samu dama ba ya mayar da shi ja kafin 19:00 UTC na ranar nema, kuma babu wanda zai tambaye shi dalili. Wannan layi ɗaya yana rage fashin hari fiye da kowace barazana, domin yawancin masu fashi ba da gangan suke yi ba, an sa su ne a yaƙin da ba su san za a sa su ba.

Dokar ba da gudummawar sojoji ma haka take. Bayanan kowane memba suna nuna adadin da ya bayar da wanda ya karɓa a kakar wasa, don haka za ka iya cewa kada abin da mutum ya bayar ya gaza kashi ɗaya cikin uku na abin da ya karɓa. Sai dai ka tuna cewa mai ƙaramin mataki ba shi da sojojin da manya suke nema, kuma idan ka ɗora masa ma'auni ɗaya da su zai riƙa tura abin da ba a roƙa ba don kawai ya cika lamba. Gara ka ƙara da cewa a ba da abin da aka roƙa kawai, wanda ba shi da shi ya bari.

Kada dokokin su wuce biyar ko shida. Gwajin da nake ba da shawara shi ne ka tambayi kanka ko za ka iya zartar da dokar a kan mataimakinka mafi kusa. Idan ba za ka iya ba, cire ta, domin ranar da sababbi suka ga an kau da kai ga tsohon memba, sauran dokokin ma sun rasa ƙarfi.

Mataki na huɗu: faɗi halayen da ake so da sunayensu

"A girmama juna" kowa ya yarda da ita, har da wanda zai fi kowa zagi, domin a ganinsa wasa yake yi. Ambaci ainihin abubuwan da suke ɓata ƙungiyoyi. Na farko shi ne yi wa wanda harinsa ya lalace dariya ko faɗa a gaban jama'a. Ka rubuta cewa gyara ana yin sa ne ta hanyar duba maimaicin harin tare, kuma sai mai harin ya nema. Na biyu shi ne zagi da ya shafi addini, ƙabila, ƙasa ko jinsi, wanda hukuncinsa cirewa ne nan take ba tare da gargaɗi ba. Na uku shi ne tallata wata ƙungiya ko jan membobi zuwa can. Na huɗu shi ne roƙon muƙami. Wasan yana da matakai huɗu, Member, Elder, Co-leader da Leader, kuma tunda Co-leader yana iya fara yaƙi da cire mutane, ba muƙami ba ne da ake bayarwa don daɗin baki. Idan ka rubuta sharaɗin zama Elder, misali wata guda ba tare da fashin hari ba, roƙon zai ragu da kansa.

Akwai layi biyu na kariya da bai kamata a bari ba. Na farko, babu shugaban da zai nemi kalmar sirri ko lambar shiga asusun kowa, kuma duk wanda ya turo mahaɗin da ke alƙawarin duwatsu masu daraja na kyauta za a cire shi, domin wannan tsohuwar hanyar satar asusu ce. Ƙa'idojin Supercell ma sun hana sayar da asusu ko raba shi da wani, don haka kada ka yi alƙawarin cewa wani zai riƙa yi wa memba hari da asusunsa idan ba ya nan. Na biyu shi ne shekaru. Discord ba ya karɓar wanda bai kai shekara 13 ba, a wasu ƙasashe ma iyakar ta fi haka. Idan hirar ƙungiyarka ta manya ce, ka rubuta 18 zuwa sama a fili, idan kuma kana karɓar matasa, ka hana neman hotuna, adireshi ko lambar waya a tsakanin membobi.

Ka faɗi yaren da ake hira da shi, da wanda za a kai wa ƙara idan an samu saɓani. Ya kamata a ambaci mutum biyu, domin wata rana da ɗayansu ake rigimar.

Mataki na biyar: jera saƙon, ka gwada tsawonsa

Mai karatu yana yanke shawara a layuka uku na farko, don haka a fara da abin da zai sa wanda bai dace ba ya tsaya: wasan, matakin, adadin gurbi da nauyin mako. Jadawali ya biyo baya, sai dokoki, sai halaye, sai abin da ƙungiyar take bayarwa, hanyar nema kuma a ƙarshe. Saƙo ɗaya a Discord ba ya wuce haruffa 2,000 ga mai asusu na kyauta, gurbin bayanin ƙungiya a cikin wasan kuwa layuka kaɗan yake ɗauka, saboda haka za ka buƙaci dogo da gajere. Tun da aka cire hirar duniya daga wasan a 2019, dogon yakan zauna ne a wajen wasan, gajeren kuma ya nuna hanyar zuwa gare shi. Ga dogon na misalinmu:

"Muna neman mutum takwas masu Town Hall 12 ko 13, 'yan shekara 18 zuwa sama, don yaƙin 15 da 15 sau biyu a mako. Da Hausa muke hira.

Jadawali, duka a agogon UTC: yaƙi na farko yana buɗewa wajen 18:00 ranar Talata ya rufe 18:00 ranar Laraba, na biyu daga 18:00 ranar Juma'a zuwa 18:00 ranar Asabar. Hari na farko kafin 10:00, na biyu kafin 16:00 na ranar rufewa. Clan War Leagues wajibi ne ga wanda ya sa sunansa, hari ɗaya kullum har kwana bakwai. Raid Weekend na ganin dama ne.

Dokoki: wanda aka sa a yaƙi zai yi hari biyu. Idan ba za ka samu dama ba, mayar da alamar yaƙinka ja kafin 19:00 ranar Litinin ko Alhamis, ba za mu tambayi dalili ba. Fashin hari ba sanarwa: karo na farko hutun yaƙi ɗaya, karo na biyu cikin wata guda cirewa. Ka ba da aƙalla kashi ɗaya cikin uku na sojojin da ka karɓa, kuma abin da aka roƙa kawai. Kwana bakwai ba ka shigo ba kuma ba ka sanar ba, za mu ba wani gurbin.

Halaye: ba a yi wa kowa dariya kan harin da ya lalace. Zagin addini, ƙabila, ƙasa ko jinsi cirewa ne nan take. Ba talla, ba roƙon muƙami. Ana zama Elder bayan wata guda ba fashi. Ba wanda zai nemi kalmar sirrinka. Ƙara tana zuwa ga Leader ko Co-leader a asirce.

Abin da za ka samu: cikakkun sojojin yaƙi kafin a buɗe, da wanda zai duba harinka tare da kai idan ka nema.

Yadda ake nema: turo lambar ɗan wasanka, agogon ƙasarka da sa'o'in da kake wasa. Fara saƙonka da kalmar 'tauraro' don mu san ka karanta. Za mu amsa cikin sa'o'i 48. Makonni biyu na farko gwaji ne gare mu da kai."

Kalmar da aka ɓoye kusa da ƙarshe tana raba wanda ya karanta da wanda ya tsallake, amma a ajiye ta a matsayin alama kawai. Idan mai nema ya manta da ita alhali ya amsa sauran tambayoyin da kyau, tura shi ya sake karantawa ya fi korarsa amfani. Tambayar agogo kuwa ita ce mafi muhimmanci a cikin ukun, domin da ita za ka gane tun kafin ya shigo ko wa'adin 10:00 zai faɗo masa a tsakiyar dare. Sashen abin da za a samu gajere ne da gangan: kada ka yi alƙawarin abin da ba a hannunka yake ba, kamar nasara a kowane yaƙi, domin tarihin yaƙin ƙungiya yana iya kasancewa a buɗe ga mai nema, kuma zai duba.

Kafin ka saki saƙon, ba wa memba ɗaya da bai sa hannu a rubutun ba ya karanta sau ɗaya, sannan ka tambaye shi abu uku ba tare da ya sake dubawa ba: wace rana zai yi hari, me zai yi idan ba zai samu dama ba, da me zai sa a cire shi. Duk tambayar da ya kasa amsawa, layinta yana buƙatar gyara. Sannan ka mayar da nau'in ƙungiyar zuwa Invite only a cikin saituna, domin idan ƙofa tana buɗe ga kowa, mutane za su shigo ba tare da sun taɓa ganin saƙon ba.

Mataki na shida: karanta sakamakon, ka gyara layin da ya jawo shi

Bayan makonni biyu, abin da ya faru zai nuna maka inda saƙon ya yi rauni. Idan masu nema sun yi yawa amma suna ficewa cikin mako guda, to nauyin da suka tarar ya fi wanda aka faɗa musu, kuma sau da yawa wani wajibi ne da tsofaffin membobi suka saba da shi har suka manta ba a rubuta ba, kamar sanar da sansanin da mutum zai kai wa hari kafin ya kai. Idan babu mai nema sam, duba sharuɗɗan shiga da ka sa a saitunan wasan, domin mafi ƙarancin kofuna ko matakin da aka sa a can yana iya fin wanda ke cikin saƙon, ya toshe mutanen da kake kira. Duba kuma mahaɗin gayyata na Discord, wanda yake iya ƙarewa bayan wasu kwanaki idan ba a saita shi ya daɗe ba. Idan tambaya ɗaya tana ta dawowa daga masu nema daban-daban, amsarta ta cancanci layi a saƙon.

Alamar da ta fi buƙatar natsuwa ita ce fashin hari a tsakanin sababbi. Kafin ka zartar da hukunci, jera sunayen masu fashin tare da agogon da suka rubuta lokacin nema. A misalinmu, a ce uku daga cikin takwas sun rasa wa'adin hari na biyu sau biyu, kuma dukansu suna UTC-5. Ƙarfe 16:00 UTC a wurinsu 11:00 na safe ne, suna tsakiyar aiki ko aji ranar Laraba. Laifin na jadawali ne, kuma maganinsa ko dai a gaya musu su yi hare-haren biyu a daren farko, ko a matsar da lokacin nema da sa'o'i uku zuwa 22:00 UTC, abin da zai tura buɗewa da rufewa zuwa 21:00, wa'adin hari na biyu kuma zuwa 19:00. Amma wannan matsarwa za ta sa wa'adin ya koma 00:30 ga na Indiya, don haka sai an sake gwada kowane agogo kamar yadda aka yi a mataki na biyu kafin a sanar.

Duk lokacin da doka ko sa'a ta sauya, gyara saƙon a ranar, ka sa kwanan wata a ƙasansa, ka kuma sanar da tsofaffin membobi cewa sabon rubutun ya hau kansu su ma daga yaƙi na gaba. Idan gurbi takwas ɗin suka cika, cire saƙon daga inda ka saka shi, ka soke mahaɗin gayyatar, sannan ka amsa wa waɗanda suka nema ba su samu ba, kana tambayarsu ko suna so a ajiye lambobinsu don lokacin da wani daga cikin masu gwaji bai zauna ba.